Ra'ayinmu: Ribar Gama-kai Ba a Ranar Rabo Take Ba

Duk lokacin da aka ta da zancen ƙungiyar gama-kai a ɗakin hutun malamai, tambayoyi biyu ne ke fara fitowa: nawa za a ba ni rance, kuma nawa za a raba mana a ƙarshen shekara? Ba laifi ba ne mutum ya yi waɗannan tambayoyi, domin wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya raba tsakiya ba shi da lokacin jin dogon bayani. Sai dai a ganinmu tambayoyin sun kauce wa inda amfanin yake, kuma wannan kaucewa ce ke sa malamai da dama su shiga ƙungiya da zumuɗi, su fita da ɓacin rai bayan shekara ɗaya, suna cewa an ci da guminsu. Wani lokaci an ci ɗin. Amma sau da yawa ba a ci ba, ribar ce ta shige gidansu ta wata ƙofa, su kuwa suna zaune suna gadin wata ƙofar.

Ƙungiyar gama-kai sana'a ce wadda masu ita su ne kuma masu cinikinta. A kantin ɗan kasuwa, mai kanti daban, mai saye daban, kuma abin da mai saye ya yi asara shi mai kanti ya samu. A gama-kai mutum ɗaya ne ke tsaye a gaban kanta da bayanta: shi ya zuba jarin, shi zai sayi kayan, shi kuma za a mayar wa rarar da ta saura. Daga nan sauran ƙa'idojinta suka samo asali. Kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, ko shugaban makaranta ne da ya tara dubu ɗari biyar, ko sabon malami ne da ya fara zubi watan jiya. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta Nijeriya ta 1993 ma ta hana mutum ɗaya mallakar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na hannun jarin ƙungiya, don kada wani ya wayi gari ya mayar da ita kantinsa.

Za a ce ai mun daɗe da sanin wannan, adashi ne aka sa wa sabon suna. Akwai dangantaka, amma ba ɗaya suke ba. A adashi, abin da aka zuba ranar nan ake kwashe shi ranar nan, mutum ɗaya ya ɗauka, tukunya ta koma wayam. Idan zagaye ya ƙare, babu abin da ya saura a hannun uwar adashi sai kuɗin da aka yanka mata. Adashi yana tara wa mutum ɗaya kuɗi a dunƙule, wanda ba ƙaramin taimako ba ne, amma ba ya sa kuɗin kowa ya sayi abin da ya fi ƙimarsa. Gama-kai kuwa tana riƙe kuɗin a wuri ɗaya, ta shiga kasuwa da su a matsayin mai saye guda. Kuma idan an yi mata rajista, doka na kallonta kamar mutum: tana da suna, tana da asusun banki nata, tana iya kai ƙara, ana iya kai ta.

Tsarin da duniya ke bi a yau an fi danganta shi da garin Rochdale na Ingila, inda a 1844 wasu masaƙa da masu sana'ar hannu su 28 suka tara fam 28, suka buɗe ɗan kanti. Abin da suka fara sayarwa bai wuce fulawa da man shanu da sukari da garin hatsi da kyandir ba. Abin lura a tarihinsu shi ne damuwarsu ba rance ba ce. Algus a cikin gari da tauye mudu ne suka ishe su, sai suka ce bari su zama masu kantin da kansu. Sun kuma kafa ƙa'idar da ta rayu har yau, cewa a raba rara gwargwadon abin da mutum ya saya, ba gwargwadon jarinsa kaɗai ba. A nan ƙasar, dokar farko ta gama-kai ta fito a 1935, bayan rahoton da wani jami'in mulkin mallaka mai suna Strickland ya rubuta. Wato tun kafin a haifi kowa a cikinmu tsarin yake nan, ba sabon abu ba ne da za a ce muna gwaji.

Bari mu sauko kan abin da ya fi cin albashin malami, wato abinci, mu bi lissafin buhun masara guda daga kasuwar ƙauye har zuwa tukunya. Alƙaluman da za mu kawo misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. Farashin bana daban, na baɗi daban, kowa ya sa na garinsu.

A ce malamai 200 sun amince a riƙa cire wa kowa naira 5,000 daga albashi duk wata. Wata ɗaya miliyan 1 ke nan, shekara ɗaya miliyan 12. Kaka ta yi, masara ta bushe, manomi na buƙatar kuɗin biyan bashin taki, farashi ya sauka. Sai ƙungiya ta tura mutum uku zuwa kasuwa irin ta Saminaka ko Giwa ko Dandume, suka sayi buhu 250 a kan naira 40,000 kowanne. Ba a nan kuɗin buhu ya tsaya ba, kuma a nan ne kwamitoci da yawa ke yaudarar kansu. Akwai la'adar dillali da kuɗin 'yan dako, a ce 700 a kan kowane buhu. Akwai kuɗin mota, 1,500. Akwai sabon buhun ajiya mai hana iska shiga, 2,000. Akwai hayar sito da mai gadi da guzurin waɗanda aka aika, 800. Kafin buhun ya sauka a harabar makarantar da za a yi rabo ya zama 45,000. Buhu 250 sun ci miliyan 11 da dubu 250.

Ƙungiya ta ba 'ya'yanta kowane buhu a kan 48,000, a biya cikin wata shida, naira 8,000 duk wata. Rarar 3,000 a kan buhu 250 ta ba da 750,000. A cire 150,000 na mai binciken kuɗi da takardu da abin da banki ke yanka da buhu ɗaya ko biyu da suka lalace, saura 600,000. Doka ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ribar da ta tabbata a sa a asusun ko-ta-kwana, wato 150,000. Abin da ya rage na rabo 450,000 ne. Idan babban taro ya yanke cewa 250,000 su tafi ga masu saye, 200,000 ga masu zubi, to kowane buhu zai dawo wa mai shi da naira 1,000, kowane mai zubi kuma ya samu 1,000.

Naira dubu ɗaya, bayan shekara guda ana cire wa mutum kuɗi! Wannan ce ranar da ake ta da jijiyar wuya a taro, kuma mun fahimci dalili. To amma a dubi malamin da bai shiga ba. Shi tiya-tiya yake saye a wurin mai awo na unguwa, yawanci bashi, kuma mai awo ba wawa ba ne, ya san yadda zai sa ladan jiransa a cikin farashi. Da kaka tiya na iya zama 1,200, da damina ta yi nisa ta kai 1,700 ko fiye. A ce a tsakaice ya saye ta 1,500. Buhu tiya 40 ne, don haka buhunsa ya tsaya masa 60,000. Ɗan ƙungiya kuwa nasa ya tsaya 47,000 bayan an mayar masa da dubu ɗaya. Bambancin 13,000 ne a buhu guda, 26,000 ga mai iyalin da ke cin buhu biyu. Wannan kuɗi ba ya bayyana a littafin ma'aji, ba a kiran sunan kowa a miƙa masa shi a ambulan, ba a tafa masa. Kuɗi ne da bai fita daga aljihu ba, shi ya sa ba a ganinsa.

Daga ina wannan bambanci ya fito? Rabinsa daga lokaci ne. Manomi na sayarwa da arha a kaka domin ba ya iya jira, malami na saye da tsada a damina domin bai iya saye da wuri ba, wanda ke da kuɗi a hannu a watan Nuwamba shi ke cin abin da ke tsakani. Malami ɗaya ba ya da dubu 90 a dunƙule a watan Nuwamba, amma malamai 200 suna da su. Sauran rabin daga yawa ne. Mai sayen buhu 250 ya tsallake ɗan sari da mai awo, ya cika mota guda maimakon ya biya kuɗin buhu ɗai-ɗai, kuma yana da bakin cewa a zazzage buhu a sake aunawa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Buhun da aka ce tiya 40 ne, a auna a samu 37, ko a tarar da ƙasa da dusa a gindinsa, ya riga ya cinye rarar 3,000 ɗin nan tun a kasuwa. Kwamitin da ya tafi saye ba tare da sikeli ba, ko bai zazzage ko da buhu ɗaya cikin goma ba, bai yi aikin da aka aike shi ba.

Akwai wata gaskiya a cikin lissafin nan da bai kamata a ɓoye ba. Wanda ya zuba 60,000 a shekara bai sayi komai ba, ya karɓi 1,000, ya yi asara. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da aka ajiye a asusu narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana. Don haka ƙungiyar da ke alfahari da yawan miliyoyin da ke kwance a bankinta ba ta fahimci aikinta ba. Aikinta shi ne ta mayar da takardar kuɗi ta zama hatsi da taki da sukari kafin darajarta ta zube, ta karɓo, ta sake juyawa. A misalinmu, da zarar an raba masara, miliyan 2 na dawowa duk wata daga biyan bashi, ga miliyan 1 na zubi. Miliyan 3 ke nan a wata, waɗanda za su iya sayo shinkafa da sukari da man girki kafin azumi da Kirsimeti su ɗaga farashi, su sayo taki kafin ruwa ya sauka, domin kaɗan ne a cikinmu ba su da 'yar gona. Kuɗin da suka juya sau uku a shekara su ne za su iya ba mai zubi rabon da ba zai ji kunyar faɗa wa iyalinsa ba.

Ba kowace shekara ce farashi ke tashi bayan kaka ba, kuma duk wanda ya ce wa malamai sayen hatsi ba ya faɗuwa bai gaya musu gaskiya ba. An ga haka a 2025, lokacin da farashin masara da sauran hatsi ya yi ƙasa maimakon sama, waɗanda suka cika sito suna jiran damina suka tafka asara. Ƙungiyar da ta sayi buhu 45,000 ta kulle, ta wayi gari ana sayar da shi 35,000 a kasuwa, 'ya'yanta ba za su ɗauka ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Maganin wannan shi ne kada a sayi ko buhu ɗaya sai wanda wani ya rubuta sunansa ya sa hannu cewa nasa ne, a kuma raba kaya cikin mako biyu da saukarsu. Idan farashi ya faɗi, kowa ya ɗauki 'yar asararsa a kan buhu ɗaya ko biyu, abin da zai ci ne da ma, ƙungiya kuwa ta tsira da jarinta. Ranar da kwamiti ya fara cewa a ƙara buhu ɗari a ɓoye a sayar wa 'yan kasuwa idan ya yi tsada, ranar ya tashi daga gama-kai ya koma caca da kuɗin mutane, ban da cewa ɓoye abinci don ya yi tsada abu ne da addini da al'ada duk suka ƙyamata.

Tun da a gida za a ajiye, sai a san yadda ake ajiyar. Masarar da ba ta bushe sosai ba ko a wane buhu aka sa ta za ta yi fumfuna. Gwajin mai sauƙi ne: a ciza ƙwaya, idan ta fashe ƙwas ta bushe, idan haƙori ya nutse da saura. Ko a zuba 'yan ƙwayoyi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, a bar ta jim kaɗan, idan gishirin ya manne a jikin kwalba akwai danshi. Buhun nan mai ciki uku, leda biyu da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba ya buƙatar magani, amma sai an matse iskar an ɗaure kowace leda daban, an kuma ɗora shi a kan katako nesa da bango, domin huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin. Dubu biyun da aka kashe a kansa ta fi a sa ƙwayar maganin ƙwari a buhun da ke ɗaki ɗaya da yara.

Wasu 'yan'uwa na ƙin shiga saboda tsoron riba ta haram, kuma tsoro ne da ya cancanci amsa, ba harara ba. Sayar da kaya daban yake da ba da kuɗi da ruwa. Idan ƙungiya ta sayi masara ta zama mallakinta, ta ɗauki haɗarinta a hanya, sannan ta sayar a kan farashin da aka sani tun farko, wanda ba ya ƙaruwa don an yi jinkirin biya, wannan ciniki ne da jumhurin malamai suka halatta, irinsa ne bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke yi da sunan murabaha. Inda matsala take shi ne a ce an sayar maka da buhu alhali kuɗi aka miƙa maka, ko a ɗora tara mai ƙaruwa a kan wanda ya makara. Reshen da ke son kowa ya shiga, Musulmi da Kirista, ya fi masa sauƙi ya gina ƙungiyarsa a kan sayen kaya, ya bar rancen kuɗi ya zama na gaggawa, marar ruwa, mai iyaka, da masu tsaya wa mutum biyu.

Mutanen Rochdale ba sa ba da bashi ko na kwabo, kuɗi hannu suke ciniki, saboda sun ga yadda bashi ya kashe ƙungiyoyin da suka gabace su. Mu muna iya ba da bashi ne don dalili ɗaya tak: ana cirewa daga albashi kafin ya iso hannu. Wannan ne ƙarfin ƙungiyar ma'aikata, kuma nan ne lagonta. Kuɗin da aka cire daga albashin malami ba su zama na ƙungiya ba sai sun sauka a asusunta. Tsakanin cirewa da saukar akwai ofis, akwai mutane, akwai jinkiri. Idan aka riƙe miliyan 3 na wata uku, miliyan 9 ke nan, lokacin sayen taki ya wuce, malami kuwa takardar albashinsa na nuna masa ya biya. Sai ya zargi ma'aji, ma'aji ya zargi ofis, kowa na da rabin gaskiya.

Ana gane wannan ciwo da wuri idan ana so. Takardu uku ne dole su yi magana ɗaya duk wata: jerin abin da ofishin albashi ya ce ya cire, bayanin asusun da banki ya fitar, da littafin da aka rubuta wa kowane ɗan ƙungiya zubinsa da bashinsa. Wanda ke haɗa su kada ya zama wanda ke sa hannu a fitar da kuɗi. Idan an nemi bayanin banki aka ce sai an jima, idan babban taro ya wuce lokacinsa da wata shida babu dalili, idan mai kawo kaya kullum mutum ɗaya ne kuma surukin wani ne a kwamiti, idan manyan basussuka duk suna kan masu riƙe da muƙami, to ba sai an jira mai bincike daga ofishin daraktan gama-kai na jiha ya zo ya faɗa ba. Ɓarna a irin waɗannan ƙungiyoyi ba kasafai take farawa da sata ba. Takan fara ne da kunya: an ji nauyin tambayar shugaba, an ji nauyin tunkarar abokin aiki da bai biya ba, an ce ai duk mu ne.

Saboda haka muke ganin bai dace shugabannin reshe su zama su ne shugabannin gama-kai ba, ko da kuwa mutanen kirki ne. Aikin ƙungiyar ƙwadago shi ne ta tsaya gaban mai biyan albashi ta ce a ƙara, a biya kan lokaci, a sako abin da aka cire. Aikin gama-kai shi ne ta sa abin da aka biya ya yi auki. Idan kuɗin ƙungiya suka maƙale a ofis, reshe ne ke da muryar da za ta fito da su, kuma muryar ba za ta yi ƙarfi ba idan mai ita yana da nasa bayanin da bai gama yi wa malamai ba. Asusu daban, zaɓe daban, masu sa hannu daban. Kuɗin ƙungiya da ake cire wa kowa na gwagwarmaya ne, zubin gama-kai kuwa dukiyar mutum ce da sunansa a kai, wadda zai karɓa idan ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wurin aiki, magadansa su karɓa idan ta Allah ta kasance. Wanda bai cike takardar magaji ba ya je ya cike.

Kaka na tafe. Wanda ke cikin wata ƙungiya ya nemi a nuna masa nawa buhu ya tsaya a ƙofar sito bara, dalla-dalla, da la'ada da dako da mota, ya kwatanta da abin da aka sayar masa da kuma abin da maƙwabcinsa ya biya wurin mai awo. Makarantun da ba su da ƙungiya kuma ba sai sun jira mutum 200 ba. Malamai 30 da ke zuba 5,000 daga Janairu za su isa Nuwamba da miliyan ɗaya da rabi, kuɗin buhu 33 a lissafin da muka yi, kowa buhu guda har da saura. Su fara da rubuta dokokinsu, su buɗe asusu da sunan ƙungiya mai masu sa hannu uku, su kai takardunsu ofishin gama-kai don rajista, sannan su sayi sikeli.